Takaful inshora ce kawai aka naɗa mata rawani

Alhaji Sani mai yadi: Shekara biyu ina biyan takaful, wai inshorar Musulunci, na shagona a Kantin Kwari, dubu 100 duk shekara, gobara ba ta taɓa ni ba, sun ce ana raba riba ƙarshen shekara amma ko sisi ban gani ba. To ina bambancinsu da inshora? Suna kawai aka canja wallahi.

Ummu Khalil: Subhanallah Alhaji, riba kake nema? Ai gudun riba ya kai ka can.

Bashir: Hajiya ribar ciniki yake nufi ba kuɗin ruwa ba, Hausa ce fa.

Ummu Khalil: Kai za ka koya min Hausa? Ya ce riba, na ga riba.

Malam Nura: Alhaji ba riba sunanta ba, rara ce. Kuɗin da ka zuba tabarru'i ne, gudummawa cikin asusun ku masu shiga, kamfani wakili ne kawai yana cire ladan wakilci. A ce ku 100 ne kowa dubu 100, miliyan 10 kenan. A ce ladansu miliyan 3, saura 7 a asusu. Aka biya waɗanda gobara ta ci miliyan 5, aka ware 1 na ajiya da retakaful, wato takaful ɗin da ake yi wa asusun shi kansa a wani kamfani, miliyan 1 ɗin da ta rage ita ce rara, galibi ma wanda aka biya diyya ba ya ciki. In kuwa asarar ta kai miliyan 9 babu rara, kamfani ne zai ranta wa asusun miliyan 2 ba ruwa, ya cire daga rarar shekarun gaba. A inshora kana biya kuɗin ya zama na kamfani, ya sayi haɗarinka, abin da ya rage nasa ne, in ya gaza shi ya sani. Ka nemi su nuna maka lissafin asusun, ƙila bashi ake biya.

Bashir: To ladan nan ko an yi gobara ko ba a yi ba sun ci nasu, wannan ba riba ba ce?

Malam Nura: Ladan aiki ne, amma gaskiya in ya yi yawa rara ba za ta taɓa fitowa ba, duba kason a takardarka.

Ɗan Azumi: Ni dai dubu 15 na biya inshorar mota saboda 'yan sanda, aka buge min fitila ba wanda ya biya ni.

Bashir: Waccan ta wanda KA buge ce malam, ba taka ba.

Ummu Khalil: Bashir kai dama a banki kake aiki, dole ka kare su.

Bashir: Ina ruwan aikina? Tun 1979 aka fara abin nan a Sudan, har yau ana gardamar ladan.

Alhaji Sani: To na karanta duka. Malam Nura da kansa ya yarda suna cire nasu tun farko, Bashir ma ya tabbatar, kenan maganata ta fito. Gobe zan je ofishinsu da takardata.