Monita ta OLED tana ƙyafta ido a wurin duhu, ko an cuce ni ne?

Abdul Maamobi: Salamu alaikum 'yan uwa. Wata bakwai ina tara kuɗi, har babur ɗina na sayar, gida aka yi ta faɗa da ni, kafin na samu monita OLED inci 27 mai 240Hz a wajen wani yaro a kasuwar Circle ta Accra. Ya ce daga waje aka kawo ta, rasit ma bai ba ni ba. Da rana lafiya lau. Amma da dare in ina wasan nan na ban tsoro, da na shiga kogo ko ɗaki mai duhu sai allon ya riƙa haske yana dushewa kamar fitilar da mai ya kusa ƙare mata. Yaron ya daina ɗaukar wayata. Ta lalace ne? In sayar tun da sauran daraja?

Fuseini Nima: Wa alaikumus salam. Wuta ce kawai. Layinmu da ƙarfe bakwai ta yi ko fanka ba ta juyawa da kyau. Bara dumso, ɗauke-ɗauken wutar nan, ta ƙona mini firiji da dikoda a dare ɗaya, na yi ta zarya ofishin masu wuta, ko sidi ɗaya ban gani ba. Sayi sitabilaiza ka huta.

Yaya Sule Madina: Fuseini, bar maganar wuta. Da wuta ce, a fili mai rana ma zai gani, ba sai a kogo ba. Abdul, ba ka faɗi katin hoton da ke cikin kwamfutarka ba, ba ka faɗi ko VRR, wato tsarin da ke sa allo ya bi gudun katin hoto, a kunne take ba. Je ka kashe G-SYNC ko FreeSync, su ne VRR ɗin, ka koma kogon nan, ka zo ka ba mu labari.

Abdul Maamobi: Yaya, na kashe, ya daina ƙyaf. Amma ai saboda wannan abin na sayi monitar. Katina na NVIDIA ne, ya ɗan kwana biyu amma yana aiki.

Yaya Sule Madina: To monitarka ƙalau take, halin irin allon ne. Shekara tara ina gyaran allo, bari in warware maka.

Kowane ɗigo a allon OLED da kansa yake ba da haske. A kowane firem, wato hoto ɗaya cikin jerin da allon ke nunawa, ana zuba masa ɗan caji, ya riƙe har firem na gaba ya zo. A masana'anta an daidaita yawan cajin ne bisa tsawon firem guda, galibi na gudun ƙoli. A 240Hz firem ɗaya wajen milisakan 4 yake ɗauka, a 60Hz kusan 17. Da ka kunna VRR, allon ya daina bin agogonsa, yana jiran katin hoto. Wannan firem ya daɗe, wancan ya yi sauri, sai hasken da ɗigon yake bayarwa ya ɗan kauce wa abin da aka auna. A wuri mai haske kaucewar ba ta kai ido ya kama ba. Amma toka-toka mai kusa da baƙi da wuta 'yar mitsitsiya ake yin ta, ƙaramin canji sai ya zama babba, kuma idon mutum a duhu ba ya barin komai ya wuce. Lura da kyau, baƙi ƙirin ba ya motsi don ɗigon a kashe yake. Bangon kogon da hazo su ne ke rawa.

Abin da ya kamata ka riƙe: ba ƙarancin fps, wato yawan firem a sakan ɗaya, ke kawo shi ba, tsalle-tsallensa ne. Wasan da ya zauna daram a 60 bai cika yi ba. Wanda ke 110 yanzu, 50 anjima, shi ne mai ƙyaftawa. Kunna ma'aunin Hz na cikin monitar ka faɗa mini lambobin da kake gani a kogon.

Rashid Kumasi: Ni a Aboabo nake, nawa ma ya yi. Ka sa iyaka a 237, uku ƙasa da 240, kowa haka yake yi. Kuma ka canza kebul, na Circle ɗin nan rabinsu jabu ne. Ni sau uku ana sayar mini da na banza a Adum.

Yaya Sule Madina: Rashid, 237 maganin wata cuta ce daban, don kada fps ya haura rufin VRR hoto ya yage. Wanda katinsa bai kai 120 ba, me 237 za ta tsare masa? Kebul kuma in ya lalace allo ɗaukewa yake yi gaba ɗaya na sakan ɗaya ko biyu, ko ka ga ɗige-ɗige kamar tartsatsi. Ba ya zaɓar kogo.

Abdul Maamobi: Na duba. A waje 100 zuwa 110. A kogon yana sauka 50 da wani abu, sai in ga ya buga 90 da wani abu nan take ya dawo, alhali wasan bai ƙara sauri ba.

Yaya Sule Madina: Yawwa, ga ɓarawon. Yawancin monitocin nan VRR ɗinsu daga 48 take farawa. In wasa ya faɗi ƙasa da haka, sai katin ya riƙa aika kowane firem sau biyu, shi ake kira LFC. Wato 47 ya zama 94Hz. Kai kuma a bakin iyakar kake yawo: 50, sai 94, sai 51. Tsawon firem yana rabewa biyu yana dawowa, shi ya sa naka ya yi tsanani haka.

Ga abin yi. Rage ingancin inuwa da na haske a saitin wasan, in akwai DLSS mai ƙara fps ka kunna, har kogon ya daina sauka ƙasa da 65. Sannan ka shiga NVIDIA Control Panel, Manage 3D settings, Program Settings, ka zaɓi wasan, ka sa Max Frame Rate a 60. In wasan yana da nasa ma'aunin iyaka, fara da shi. Za ka ɗan gani a allon lodi da wurin da wasan ke sarƙewa, wannan ba ya fita duka.

Abdul Maamobi: Haba Yaya, 60? Tsohuwar monitata ma 60 take yi. Babur na sayar fa. Kuma in na rage inuwa ina amfanin OLED ɗin?

Hajiya Mariama: Ƙanina, ni a talabijin nake wasa da yarana. Na daina wahala, wasan duhu ina kashe masa VRR, na ƙwallo da na tsere in bar musu. Ka kashe wa wannan wasan kaɗai, ka kunna V-Sync mai hana hoto yagewa, ka sa 60 ko 80, duka suna raba 240 daidai. Kuma ka bar ƙaramar fitila a bayan allon, duhun ɗaki yana ƙara fito da shi. Ko da yake yaran nan sun fasa mini rimot, wata uku ban samu irinsa ba.

Yaya Sule Madina: Hajiya, da girmanki, 80 ba za ta zauna masa ba tunda kogon 50 yake ba shi, sai hoto ya riƙa tuntuɓe. V-Sync kuma tana ƙara jinkiri a hannu.

Hajiya Mariama: A wasan da ake tafiya a hankali da tocila? Wane jinkiri zai ji, Sule?

Rashid Kumasi: Wasu monitocin suna da OLED Anti-Flicker ko VRR Control a cikin saiti. Duba ko taka tana da shi.

Yaya Sule Madina: Wannan ka yi gaskiya, amma ba kyauta ba ne. Na farkon taƙaita zangon VRR yake yi, na biyun kuma mutane na kukan yana kawo jinkiri da 'yar sarƙewa.

Abdul Maamobi: Babu ko ɗaya a tawa. Ni dai ina ganin in na sayi sabon kati ya riƙe 200 komai zai wuce. Akwai mai saye da tsohon nawa?

Yaya Sule Madina: In furosesa ce ke riƙe ka a kogon, sabon kati ba zai hana faɗuwar ba, tazarar ma zai ƙara. Wace furosesa gare ka? Ka gwada 60 ɗin tukuna?

Fuseini Nima: Ni dai na ce sitabilaiza. Nawa za ka bar katin?