Maigidana ya dawo da na'urar taba daga Dubai, wai ba sigari ba ce

Tambaya daga wata 'yar uwa (ta nemi a ɓoye sunanta):
Assalamu alaikum. Maigidana ya daɗe yana shan sigari, kwali guda a rana. Kwanan nan ya dawo daga Dubai da wata 'yar na'ura mai caji, IQOS, ana cusa mata wani gajeren karan taba. Ya ce ba hayaƙi take yi ba, tururi ne kawai, don haka yanzu a falo yake sha, yara na zaune. Kuma har yanzu idan ya fita yana shan sigarin, kamar kara takwas a rana. Mene ne wannan abin? Shi ne bef ɗin da samari ke sha? In bar shi ya sha a cikin gida?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. 'Yar uwa shisha ce aka ƙanƙanta, ƙanena ma ya taɓa shigo da ita gida, mai ƙamshin kankana, ana ɗura mata ruwa. Ki raba shi da ita tun wuri.

Baban Sadik:
Maman Ilham, wadda ƙanenki ya kawo daban ce. Abu uku ne ake cakuɗawa. Sigari ganyen taba ne ake cinna wa wuta, bakin karan yana wuce digiri 600, lokacin zuƙa ya kusa 900. Wannan ƙonewar ce ke haifar da toka da kwalta da iskar kabon monoksaid, da mafi yawan gubar da ke cikin hayaƙi. Bef kuwa babu ganye a cikinsa ko kaɗan, ruwa ne da aka haɗa da gilisarin da ƙamshi, galibi da nikotin, wata siririyar waya ta ɗumama shi ya tashi.

Ta maigidanki tana tsakani. Karan da yake cusawa taba ce ta gaske, an niƙa ta, an murza ta kamar takarda, an jiƙa da gilisarin. Na'urar tana gasa ta ne, ba ta wuce wajen digiri 350, don kada ta kama da wuta. Kin san bambancin turaren wuta a kan garwashi da a kan kaskon lantarki, to kusan haka ne. Kara ɗaya yana ɗaukar kamar minti 6 ko zuƙa 14, sai na'urar ta kashe kanta. Idan ya zare karan ki duba, za ki gan shi ya yi duhu amma bai zama toka ba.

Abban Yusra:
Ni na yi shekaru a Japan wajen harkar kayan gyaran mota, can ne cibiyar abin. A Nagoya aka fara sayar da IQOS a 2014, daga baya wasu na'urori irinta, glo da Ploom TECH, suka biyo. Dalilin da ya sa ta karɓu a can shi ne dokarsu ba ta bari a sayar da ruwan bef mai nikotin a shago, sai masu neman canji suka koma ga wannan. Kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da ita, ta ce ba ta da illa irin ta sigari. Ni dai a ganina ki gode wa Allah ya samu sauƙi.

Anti Nas:
Abban Yusra, maganarka ta Japan daidai ce, amma ta FDA akwai gyara, kuma gyaran shi ne zuciyar maganar. A 2020 hukumar ta ba kamfanin Philip Morris, mai yin IQOS, izinin cewa wanda ya bar sigari gaba ɗaya ya koma IQOS, gubar da ke shiga jikinsa tana raguwa. Amma ba ta ba su izinin cewa haɗarin kamuwa da cuta ya ragu ba, domin hujjar da suka kawo ba ta kai nan ba. Ciwon daji na huhu da toshewar hanyoyin numfashi sai an shekara ashirin ko talatin ana sha suke bayyana, na'urar kuwa shekarunta goma da 'yan kai. Yawancin binciken farko ma kamfanonin da kansu suka yi shi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa ta cikin kayan taba ne kai tsaye.

Ke kuma 'yar uwa, abin da ya fi tsaya min a rai cikin saƙonki shi ne kara takwas ɗin nan. Shi a lissafinsa daga ashirin ya sauko takwas, ya rage fiye da rabi. Zuciya ba haka take lissafi ba. Wani babban nazari da mujallar likitoci ta BMJ ta wallafa a 2018 ya nuna cewa mai shan kara ɗaya tak a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya na mai shan ashirin. Kenan kara takwas ya bar shi da fiye da rabin haɗarin. Nikotin kuma bai ragu ba, domin karan na'urar yana ba da shi kusan kamar sigari. Da can falo wurin hutun huhunsa ne, yanzu ya zama wurin ƙari. Ki ƙirga masa cikin kwanciyar hankali: sigari nawa, karan na'ura nawa. Idan jimillar ta kai ashirin ko ta wuce, babu abin da ya bari, hanya ta biyu ya ƙara.

Batun yara ba na sassautawa. Abin da yake fesowa ba tururin ruwa ba ne, akwai nikotin da ƙananan ɓurɓushi da wasu sinadarai masu kartar maƙogwaro, ko da sun gaza na sigari yawa. Waje zai fita, kamar da. Sannan ki kula da karan da ya gama sha. Yaro mai rarrafe zai iya taunawa, nikotin ya sa shi amai da zubar yawu da kasala. Idan sabon samfurin ne, ILUMA, cikin kowane kara akwai siririn ƙarfe wanda shi ke ɗaukar zafi. Yaro ya haɗiye shi, asibiti za a nufa nan take, kada a tsaya ba shi manja ko madara, kuma kada a sa shi amai.

Ɗan Zinder:
Ni tawa tsohuwar ce, mai wani ɗan tsinke a ciki da ke huda taba. Na bar sigari kwata-kwata na koma mata, warin kaya ya tafi, tarin asuba ya ragu, wannan ba zan ɓoye ba. Amma idan ban goge ta bayan kowane kwali ba, baƙin dauɗa na taruwa a gindin tsinken, ɗanɗanon ya koma na ƙauri, karan ya fito da baƙi a tsakiya. To idan ba ƙonewa take yi ba, wannan baƙin daga ina? Wata matsalar kuma, karan ba ya samuwa a nan sai an yi saƙo. Duk ranar da ya yanke min, wallahi sai na ga ƙafata ta kai ni teburin mai sigari.

Baban Sadik:
Ɗan Zinder, baƙin nan babbakewa ce. Ko babu harshen wuta, zafin da ke jikin tsinken ya isa ya ƙona ganyen da ya manne masa. Shi ya sa masana har yanzu suke jayayya a kan ko a kira abin hayaƙi ko a'a. Kamfani na cewa a'a, wasu masu bincike na cewa hayaƙi ne mara yawa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Anti Nas, idan ya ce ai da ita yake so ya daina gaba ɗaya, in goyi bayansa?

Anti Nas:
Niyyar ki goya mata baya da hannu biyu, amma hanyar ba ta da tabbas. Babu gamsasshiyar hujja cewa wannan na'ura tana raba mutum da taba. Abin da aka gwada aka ga amfaninsa shi ne filastar nikotin ta mannawa a fata da cingam ɗin nikotin, musamman idan an haɗa su biyun, sai kuma magani irin su bareniklin wanda likita ke rubutawa. Bef mai nikotin ma yana da hujjar da ta fi ta wannan ƙarfi wajen daina sigari, kodayake ni ba na son ganin sa a gida mai yara. Ki lallaɓa shi ku je asibiti tare, a auna hawan jininsa, a tsayar da ranar bari.

Abban Yusra:
Na karɓi gyaran FDA. Amma Anti, mutumin da ya gwada filasta ya kasa, ni har yanzu ina ganin gara ya koma na'urar ɗungurungum da ya ci gaba da kwali guda.

Anti Nas:
Idan ɗungurungum ne, ko kara ɗaya na sigari babu, mai yiwuwa kana da gaskiya. Maigidanta dai bai kai nan ba tukuna.