Famfon igiya, jigo, ko me za mu kira shi?

Sagir_Injiniya: Salamu alaikum jama'a. Mu 'yan aji ɗaya ne a sashen injiniyan kanikanci, an ba mu aikin haɗa abin ɗaga ruwa daga rijiya da tarkacen 'yan gwangwan. Mun yanke gefen tsohuwar tayar mota guda biyu, muka haɗa su baki da baki suka zama gargare, mai walda ya yi mana mariƙi. Igiya ce zagayayya ta hau kan gargaren, an jera mata washoshin da muka yanka daga tsofaffin silifa, tazarar mita ɗaya-ɗaya. Tana sauka rijiya, ta shiga bututun roba ta ƙasa, ta taso da ruwa. Za mu nuna wa masu lambu, to da wane suna? Sunansa na Turanci in an fassara famfon igiya ne, amma ni bai zauna mini ba.

Baba Ɗanlami: Wa alaikumus salam. Ɗana, ai jigo kuka yi, jigon zamani. Da shi muka yi ban-ruwan albasa a fadama tun ba a haife ku ba.

Hajiya Rabi: Baba, a gafarce ni, jigo daban ne. Jigo doguwar sanda ce, guga a gaba, nauyi a baya, sai ya sunkuya ya ɗago sannan a juye. Na yaran nan ruwa ba ya yankewa muddin hannu na juyawa. In ka ce wa mai lambu jigo, sanda zai duba ya rasa.

Auwalu Kafinta: Ku ce tuƙa-tuƙa kawai. Namu na unguwa wata uku ke nan da lalacewa, an ce roba ce ta cinye a ƙasa. Sagir, kuna gyara irinsa?

Sagir_Injiniya: A'a Malam Auwalu, wancan sama da ƙasa ake danna shi, namu juyawa ake yi. Wani abokina ma cewa ya yi kada mu kira shi famfo sam, wai tunda ba ya zuƙo ruwa.

Hajiya Rabi: Abokinka ya faɗi rabin gaskiya. Ba ya zuƙa, ɗagowa yake yi: kowane washa na ɗauke da ruwan da ke samansa. Shi ya sa yake aiki a rijiyar da ta wuce mita 8, inda injin da ke zuƙa daga sama yake gazawa. Amma ba zuƙa ke sa abu ya zama famfo ba. Faɗa mini zurfin ruwan da faɗin bututunku.

Sagir_Injiniya: Mita 8 ne Hajiya, bututu inci ɗaya, faɗin gargare kamar santimita 50. Sai mun juya sau 60 jarka mai lita 25 take cika.

Hajiya Rabi: To lissafa. Bututun inci ɗaya yana ɗaukar kusan rabin lita a kowace mita, ke nan kilo 4 na ruwa hannunka ke ja, ba wani nauyi ba ne. Juyi ɗaya yana jawo igiya mita ɗaya da rabi, wato kashi uku cikin huɗu na lita. Da ba yoyo, juyi 35 ya isa jarkar. Ku kuna yin 60, kusan rabin ruwan na komawa. Ko dai washoshin sun yi wa bututun kaɗan, ko igiya na sulɓewa a kan taya. Ɗaura tsumma a igiyar ka ƙirga juyi nawa take yi kafin ta zagayo. In lissafin ya yi daidai da tsawon igiyar, laifin washa ne. Ratar da ake so tsakaninsa da bututu kamar milimita ɗaya ce, kuma silifa na lanƙwashewa. Ku yanka daga tayar da ta rage, ku buɗa bakin bututun na ƙasa da wuta kamar mazurari don kada washa ya riƙa maƙalewa.

Issoufou_Maraɗi: Ni da na ga igiyar da washoshi a jere, carbi ya faɗo mini. Da Faransanci ma akwai irin wannan famfo da ake kira da sunan carbi. Famfon carbi, kowa zai gane da gani ɗaya.

Baba Ɗanlami: Haba Isuhu. Abin tasbihi ka haɗa da yankin silifa a cikin rijiya? Ni bakina ba zai faɗa ba.

Issoufou_Maraɗi: Siffa ce kawai Baba, amma na ji.

Hajiya Rabi: Ni famfon igiya nake goyon baya. A Nikaragua, inda ya yaɗu sosai, da igiyar suke kiransa. Kuma igiyar ce ke fara tsinkewa, ita mai rijiya zai je nema kasuwa.

Auwalu Kafinta: Duk ku gama, yara za su ce masa juya-juya, kamar yadda aka yi da tuƙa-tuƙa. Wa ya zauna ya raɗa wannan?

Sagir_Injiniya: A takardar makaranta zan rubuta famfon igiya. Ranar Asabar za mu kai shi lambu, ba zan faɗi suna ba, in ji me za su kira shi. Hajiya, na gwada tsumman, igiya ba ta sulɓewa. Akwai mai wuƙar da ke yanka taya ba ta dakushe ba?