Shin takardar likita tana tilasta wa jami'a ta shirya wa ɗalibi jarrabawa ta musamman?

Yayan Ɗaliba: Assalamu alaikum. Ƙanwata tana aji uku a jami'a, kuma ciwon sikila ya tashi mata a tsakiyar jarrabawa, aka kwantar da ita kwana shida, kwas biyu suka wuce ta. Wani abokina ya ce muddin akwai takardar likita, wajibi ne jami'a ta shirya mata jarrabawarta ita kaɗai kafin a fitar da sakamako, ni kuwa ina shakka. Ina neman fahimtar waɗanda suka san lamarin.

Ɗan Ajin Ƙarshe: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya. Ni ina tare da abokinka, domin a tsangayar koyon likitanci na ga ana sake wa ɗalibai jarrabawa bayan ƴan makonni, ba sai shekara ta zagayo ba. Idan har wanda ya zauna ya faɗi zai samu wannan damar, ban ga dalilin da zai sa a hana wadda take kwance a gadon asibiti ba.

Tsohon Jami'in Jarrabawa: Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Ɗana, abin da ka gani gaskiya ne, amma ba a nan ya dace ba. Karatun likitanci yana tafiya ne bisa jarrabawar ƙwarewa ta matakai, kuma an tanadi zama na biyu a cikin tsarinsa tun asali. Sauran tsangayoyi a yawancin jami'o'in Nijeriya suna bin tsarin yunit da zangon karatu, inda kowane kwas yake da lokacin da ake bayar da shi, kuma wanda ya rasa jarrabawarsa yakan jira lokacin da za a sake yin ta. Abin da takardar likita take saya wa ɗalibi, idan Sanet, wato majalisar ƙoli ta harkokin karatu a jami'a, ta amince da ita, shi ne a ɗauki zaman da zai yi nan gaba a matsayin zamansa na farko, kada a rubuta masa faɗuwa. Shirya jarrabawa ta musamman kuwa rangwame ne da wasu jami'o'i suke yi wasu ba sa yi, kuma littafin dokokin ɗalibai na jami'arta ne zai raba wannan gardamar.

Kada a raina wannan sassaucin, domin lissafi zai nuna nauyinsa. A ce ta yi rajistar yunit 20 a wannan zango, kwasa-kwasan da suka wuce ta kowanne yunit 3 ne, ta kuma samu B a duk sauran yunit 14 ɗin. Tun da B maki 4 ne a kowane yunit, ta tara maki 56. Idan aka rubuta mata F a kwas biyun, za a raba 56 da 20, matsakaicin makinta na zangon ya faɗo 2.80. Idan kuwa aka karɓi uzurinta, da 14 za a raba, ya tsaya a 4.00. Tabon kuma ba ya gogewa da sake zama a inda ake lissafa kowane zama: ko da ta dawo baɗi ta ci B a duka biyun, maki 80 ne a kan yunit 26, wato 3.08, alhali da an karɓi uzurin 80 ne a kan 20, wato 4.00. Ga ɗalibar da take kusa da iyakar 3.50, wannan kaɗai yana iya sauko da ita daga babbar daraja ta biyu zuwa ƙarama a sakamakon digirinta.

Maman Ƴan Biyu: Malam, ni abin da zan ba su shawara shi ne su nemi a jingine mata zangon gaba ɗaya. Haka na yi lokacin da na haihu, na rubuta takarda aka amince, na dawo shekara mai zuwa ba tare da wata matsala ba.

Tsohon Jami'in Jarrabawa: Hajiya, naki ya bambanta da nata. Ke kin san da haihuwar tun kafin jarrabawa ta ƙarato, kuma zangon duka kika ajiye. Ita ta riga ta rubuta yawancin takardunta, to jingine zango yana nufin ta zubar da abin da ta ci ke nan saboda kwas biyu. Buƙatarta ƙarama ce, kuma ya kamata wasiƙarta ta tsaya a kan kwas biyun nan kawai.

Ma'aikaciyar Jinya: Ni na yi aiki a asibitin wata jami'a, kuma inda na ga ana yawan yin tuntuɓe shi ne ita takardar kanta. Mutane suna ɗauka kowace takarda mai hatimin asibiti ta wadatar, alhali jami'a ba ta aiki da rahoton asibitin waje sai daraktan sashen lafiyarta ya duba ya tabbatar. Abin da yake nema kuma ba sunan ciwo ba ne kawai. Yana duba ranar da aka kwantar da mara lafiya da ranar da aka sallame shi, ya gwada su da jadawalin jarrabawa. Na taɓa ganin rahoton da ya ce an sallami ɗalibi ranar Talata, shi kuwa yana neman uzurin jarrabawar ranar Litinin da ta ranar Juma'a, kuma likitan bai rubuta cewa ya ba shi hutun jinya a gida ba. An karɓi uzurin jarrabawar Litinin, aka ƙi na Juma'a. Saboda haka a koma wurin likitan da ya duba ta, a roƙe shi ya rubuta ranakun dalla-dalla, da lambar katinta na asibiti, da kwanakin hutun da ya ba ta bayan sallama idan ya bayar, da sunansa da sa hannunsa a fili. A haɗa da takardar sallama da sakamakon gwaje-gwajen da aka yi mata. Idan tun shigarta jami'a an rubuta a fayil ɗinta na asibitin makaranta cewa tana da sikila, wannan zai sauƙaƙa mata ƙwarai, domin ba wanda zai yi zargin an ƙirƙiro ciwon ne don jarrabawa.

Ɗan Ajin Ƙarshe: Anti, wannan sharaɗin yana cutar da talaka. Ɗalibin da zazzaɓin cizon sauro ya kayar a ɗakinsa na haya, mai kemis ya zo ya ɗaura masa ƙarin ruwa, shi ma fa ba shi da lafiya, amma ba shi da takardar da darakta zai karɓa.

Ma'aikaciyar Jinya: Ban musa ba, kuma na ga irinsu har na tausaya. Sai dai ɗalibi ya riga ya biya kuɗin kula da lafiya a cikin kuɗin rajistarsa, don haka abin da ya fi masa shi ne abokan ɗakinsa su ɗauke shi zuwa asibitin makaranta a ranar, ko da a ce magani kawai za a ba shi ya koma, saboda sunansa ya shiga rajistar wannan rana. A wurin da na yi aiki, idan ɗalibi yana kwance a wurinmu kuma yana iya riƙe biro, akan turo mai sa ido da takardar tambayoyi ya rubuta a kan gado a daidai lokacin da sauran suke rubutawa. Wanda ya zo bayan mako uku da rasidin kemis kuwa, babu abin da darakta zai dogara da shi.

Yayan Ɗaliba: Na gode ƙwarai. Ita dai tana da fayil a asibitin makaranta, amma a asibitin gwamnati na cikin gari aka kwantar da ita, kuma yau kwana huɗu da sallamarta. Malamin ɗaya daga cikin kwasa-kwasan ya ce mata kada ta damu, zai yi mata wata jarrabawar a ofishinsa. Shin hakan bai wadatar ba?

Tsohon Jami'in Jarrabawa: Bai wadatar ba, kuma ina roƙonka kada ku dogara da shi, duk da cewa na san malamin alheri yake nufi. Takardar halartar jarrabawa ta riga ta nuna ba ta zauna ba, jami'in jarrabawa na sashe zai rubuta ABS, wato ba ta halarta ba, a gaban sunanta, kuma makin da ya fito daga ofishin malami ba tare da izini ba yana iya jawo musu tuhuma su biyun. Hanyar ita ce ta rubuta wasiƙa ta bi ta hannun shugaban sashe da shugaban tsangaya zuwa ga wanda littafin dokoki ya ambata, a wasu wurare magatakarda ne, a wasu shugaban Sanet. Ta sa lambar rajistarta, da lambar kowane kwas da sunansa da ranar da aka yi jarrabawarsa, da ranakun kwanciyarta, sannan ta faɗi abin da take nema a jimla ɗaya: a amince da rashin halartarta bisa dalilin rashin lafiya, a ba ta damar zama a matsayin karo na farko. Idan tana so ta roƙi jarrabawa ta musamman, ta sa shi a matsayin roƙo na biyu, domin kada ƙin amincewa da shi ya tafi da na farkon.

Ku gaggauta, domin kowace jami'a tana da wa'adin kai rahoto, kuma gajere ne, ana lissafa shi da kwanaki ko ƴan makonni. Idan ba ta iya fita ba, kai ka kai sanarwa a rubuce gobe, rahoton likita ya biyo baya. Ka tafi da kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata a ofishin sashe ka riƙe a hannunka, domin takardu suna kwana a cikin fayil, kuma wannan kwafin ne shaidarku cewa ba ku makara ba. Bayan sakamako ya fito a duba a ga abin da aka rubuta. Idan F ya bayyana, alama ce cewa amincewar ba ta iso wurin mai haɗa sakamako ba, sai a bi sawu nan take. A kuma tambayi sashe ko za a ajiye mata makin gwaji da aikin gida da ta riga ta samu, ko kuwa sai ta sake su, domin a nan ma jami'o'i sun sha bamban.

Ɗan Ajin Ƙarshe: Baba, na karɓi bayaninka a kan yadda dokar take, amma ban yarda adalci ba ne. Kwas na zango na biyu sai baɗi ake sake shi. Ga ɗan aji uku da sauƙi, ko da yake shi ma ba zai wuce yunit 24 a zango ba, kuma idan kwas ɗin sharaɗi ne na wani a aji huɗu, sai ya tare masa hanya. Ga ɗan ajin ƙarshe kuwa shekara guda ce cur saboda jinyar mako ɗaya, da sabon kuɗin rajista da na haya, kuma wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala, takardar yafewa za a ba shi maimakon ya tafi hidimar ƙasa. A ce ba a rubuta maka faɗuwa ba amma an ci maka shekara, wane irin uzuri aka karɓa ke nan?

Tsohon Jami'in Jarrabawa: A kan ɗan ajin ƙarshe ina kusa da ra'ayinka, kuma na sha goyon bayan irin wannan roƙon a taron tsangaya. Amma ka duba ɗaya ɓangaren: jarrabawa ta musamman tana bukatar sababbin tambayoyi masu nauyi daidai da na farko, a tantance su, a ajin ƙarshe ma har da mai duba jarrabawa na waje, sannan wanda ya zauna daga baya ya riga ya ga tambayoyin abokansa kuma ya samu ƙarin lokacin karatu. Da zarar ƙofar ta buɗe ba tare da tsauri ba, takardun asibiti na boge za su yi yawa, masu ciwon gaskiya su ne za su sha zargi.

Ma'aikaciyar Jinya: Malam, ai tantance takardun aikinmu ne, kuma waya ɗaya zuwa asibitin da ya bayar da rahoto takan tona na boge. Ni a ganina da jami'a za ta ware mako guda a farkon kowane zango ga waɗanda aka riga aka tabbatar da uzurinsu kaɗai, da masu sikila ba su riƙa tara kwasa-kwasai shekara bayan shekara ba.

Tsohon Jami'in Jarrabawa: Da Sanet tana zama a kan waɗannan takardu kafin sabon zango ya fara, da na yarda da ke, amma sau da yawa amincewar takan fito ne bayan an yi nisa da karatu. Yayan Ɗaliba, ka duba mana littafin dokokin jami'arta ka faɗa mana kwanaki nawa aka bayar, kuma ko kwas biyun suna cikin waɗanda ake bukata kafin a ɗauki na aji huɗu.

Yayan Ɗaliba: Zan karɓo littafin a wurinta yau da daddare, gobe da safe kuma in fara da ofishin shugaban sashe kafin in wuce asibitin makaranta da rahoton.