Littafi ɗaya na raba mana kai, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum. Mu goma sha biyu ne muke haɗuwa duk Asabar bayan la'asar a wani ƙauye kusa da Ringim, mu tattauna littafin da muka zaɓa. 'Yan sakandare cikinmu sukan cinye labarin shafi 120 cikin kwana uku. Iyayenmu kuwa, waɗanda suka koyi boko a ajin yaƙi da jahilci, shafi biyar suke yi a dare, da tocila, ga damina ta zo. Kafin su kai tsakiya, yaran sun faɗi ƙarshen labarin.

Mun gwada littafin soyayya, dattawa suka ji nauyin tattauna shi gaban 'ya'yansu, kuma ban ga laifinsu ba. Ina tunanin mu koma tarin gajerun labarai, ɗaya a mako. Shin hakan zai riƙe masu saurin karatu, ko za su gaji su watse?