Wai ɗaukar hoton aikin gida sata ce?

Baban Hanifa: Jama'a ku tayani gani. Malamin lissafin su Hanifa ya aiko mana da takarda, wai yara suna ɗaukar hoton aikin gida da waya, manhaja ta ba su amsa. Ya ce bai hana ba, amma sai yaro ya fara gwadawa da kansa, ya karanta matakan, ya kife wayar ya sake yi. Wanda ya kwashi amsar kawai, wai “satar amsa” ya yi. 'Yar da nake biya wa kuɗin makaranta ce za a kira ɓarauniya?

Maman Abdul: Sata kuma? Kayan wa aka ɗauka? Wayar tawa, datar tawa.

Malam Tsohon Alli: Hajiya, ko a zamaninmu wanda ya leƙa littafin na kusa da shi satar amsa ake cewa ya yi, kuma ba a ɗauke wa kowa littafi ba.

Maman Abdul: Wancan ai na wani ya leƙa, Malam. Wannan na'ura ce. To mai amfani da kalkuleta ma ɓarawo ne?

Injiniya: Gaskiyar Hajiya. Ni da manhajar Photomath yarona yake yi, kuma ba amsa kaɗai take bayarwa ba, har matakai take jerowa ɗaya bayan ɗaya. Na'ura ba ta kuskure, a bar yara su tafi da zamani.

Malam Tsohon Alli: Matakai kam tana jerowa, Injiniya. Amma abin da kyamara ta gani take warwarewa, ba abin da malami ya rubuta ba. Ɗauki 2(x − 3) = 10. Ka ninka abin da ke cikin baka da 2, ya zama 2x − 6 = 10. Ka ƙara 6 kowane ɓangare, 2x = 16, x = 8. Idan rubutun yaro ya karkace, kyamara ta ga alamar ɗebewa kamar ta tarawa, x = 2 za ta ba shi, da matakai tsaf. Yaron da ya san hanya zai mayar da 2 cikin tambayar, ya ga ta ba shi −2 ba 10 ba, ya gane da matsala. Mai kwafa kuwa ya rufe littafi ya tafi wasa.

Ni in ina maki, na fi son in ga 6.5 a kan wannan tambayar. Nan take na san ya ninka x da 2 ya manta da 3, ya rubuta 2x − 3 = 10. Kuskuren nasa ne, minti biyu na gyara masa. Wanda ya kawo mini 8 babu ko gogewa ɗaya, ta hanyar da ban taɓa koyarwa a aji ba, shi ne ban san inda zan kama ba.

Anti Rabi: Ni dai ba zan iya ɗaukar hoton aikin yara uku kullum ina tura wa malami ba. Shi zai saya mini data?

Injiniya: Anti, ba wanda ya ce ki tura wa kowa hoto.

Baban Hanifa: Duk wannan ba shi na tambaya ba. Me ya hana shi rubuta “kwafa”? Sai “sata”?

Maman Abdul: Dama malamai bakinsu ɗaya. Su jibga wa yaro tambaya ashirin ba su yi bayani a aji ba, in ya nemi mafita ya zama ɓarawo.

Malam Tsohon Alli: A nan kina da hujja. Tambaya biyar da yaro zai zauna a kansu sun fi ashirin da zai kwashe. Amma zancen bakinmu ɗaya ban karɓa ba.

Injiniya: Ai tsoro kuke ji waya ta ƙwace muku aiki.

Malam Tsohon Alli: Ranar jarrabawa wayar za ta shiga aji da shi? Ka gwada yau: bayan yaronka ya gama, ka karɓe wayar, ka canza lambobin, ka ba shi 3(x − 2) = 12. In ya fito da 6 kuma ya faɗa maka dalilin kowane mataki, ya koya.

Injiniya: Ɗana ba ya buƙatar gwajinka, shi ne na uku a ajinsu.

Anti Rabi: Na uku cikin su nawa?

Injiniya: Anti, ki fita harkar ɗana.

Baban Hanifa: To alhamdu lillahi. A taƙaice kowa ya yarda malamin ya yi kuskure, kalmar sata ba ta dace ba, har Malam ya amsa cewa aikin ya yi yawa. Gobe zan je in same shi ya janye ta.

Malam Tsohon Alli: Ni ban yarda da haka ba, Alhaji. Kafin ka je, ka ba Hanifa tambayar nan tukuna.