Na ƙara 0.5 ɗin, amsa ta fito kusan 1. Ina na kauce?

Ɗalibar aji biyu: Salamu alaikum. An ba mu aiki: a wani gari kashi 40 cikin 100 na gidaje suna da rijiya, an zaɓi gida 50 ta hanyar ƙuri'a. Mene ne yiwuwar kason masu rijiya bai wuce 0.3 ba? Malaminmu ya ce a kimanta bainomiyal da nomal, a yi gyaran rabi. Na ƙara 0.5 a kan 0.3, z ya fito 5.77. Don Allah a duba mini.

Ɗan Zariya: Wa alaikumus salam. Samfurinki ya haura 30, ki bar gyaran kawai. Ni 0.0745 na samu.

Tsohon malamin lissafi: 'Yata, rabin nan na ƙidayar gidaje ne, ba na kaso ba. Kason 0.3 na gida 50 gida 15 ke nan. Gidaje ɗai-ɗai ake ƙirga su, shi kuwa layin nomal ba ya yankewa, don haka gida na 15 ya mamaye daga 14.5 zuwa 15.5. Tunda an ce "bai wuce ba", 15 na ciki, iyakarki 15.5. In kika koma kaso sai ki raba da 50, rabin ya zama 0.01, iyakar ta zama 0.31.

```
SD = √(0.4 × 0.6 / 50) = 0.0693
z = (0.31 − 0.4) / 0.0693 = −1.30
```

Tebur zai ba ki kimanin 0.097. Ainihin amsar bainomiyal 0.0955 ce, ki gwada a Excel:

```
=BINOM.DIST(15,50,0.4,TRUE)
```

Ɗan Zariya, dubi tazarar da ke tsakanin 0.0745 ɗinka da wannan, ka zubar da fiye da kashi ɗaya cikin biyar na amsar. Dokar 30 ɗin ma ba a nan take ba, np da n(1−p) ake dubawa, inda n shi ne yawan gidajen da aka zaɓa, p kuma kason masu rijiya a garin, nan kuwa 20 da 30 ne.

Ɗan Zariya: Na karɓa, Malam. Amma mu an koya mana su kai 5, wani littafin kuma ya ce 10.

Tsohon malamin lissafi: Duka biyun suna cikin littattafai. Ni 10 nake bi, musamman in p ya kusa 0 ko 1, don a nan rabon yake karkacewa.

Maman Biyu: Ni a jarrabawa ragewa na yi, kuma aka ba ni maki. Ashe kuskure ne?

Tsohon malamin lissafi: Hajiya, ya danganta da lafazin tambayar. Da a nan an ce "ƙasa da 0.3", 15 ya fita, iyakar 14.5 ce, wato 0.29, amsar ta sauko wajen 0.056.

Ɗalibar aji biyu: Na gode, Malam, Allah ya saka da alheri. Tambaya ta gaba 0.33 ce, na ninka da 50 ya ba ni 16.5. In ƙara rabin?

Tsohon malamin lissafi: A'a, babu rabin gida. Gida 16 ne mafi yawa da ya shiga, iyakarsa kuwa 16.5 ɗin ce. In kika ƙara, kin yi gyaran sau biyu.